Sawun Tabarau a Hancin Baba

Kwana ashirin da huɗu suka rage lasisin tuƙin Baba ya ƙare, kuma duk gidan an sani, sai dai ba mai tayar da maganar. Shugabar makarantar da yake ja wa bas ta ba shi wasiƙa tun farkon wata: ko ya kawo shaidar sabuntawa kafin ranar ƙarewa, ko ya ajiye makulli. Ba don ƙiyayya ta rubuta ba. Kamfanin inshora ne ba ya wasa da motar da ke ɗaukar yara talatin.

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi yana jan bas ɗin nan. Sannu-Sannu ake ce masa a makarantar, domin ko keke ya fi shi gaggawa, kuma a tsawon shekarun nan ko akuya bai taɓa gogewa ba. A da, wata biyu kafin lokaci yake zuwa ya sabunta lasisinsa. Bana kuwa ya ninke wasiƙar gida huɗu, ya tura ta ƙarƙashin rediyo.

Umma ce ta kasa haƙuri. Ranar Asabar da hantsi, Baba yana tsakar gida yana goge takalmansa, ta tsaya a kansa da tawul a kafaɗa.

“Malam, rediyon ne zai je ya sabunta maka?”

“Zan je.”

“Yaushe? Makon jiya ma zan je ka ce.”

“Ofishin nan ba kamar da ba ne. An canza komai. Sai mutum ya san me ake buƙata.”

“To a tambayo mana. Ga Auta nan, digirinta yana cikin akwati yana hutawa. Ta je ta tambayo.”

Auta, wadda ke shanya kaya a igiya, ta dakata. Ita ce 'yar ƙaramarsu, ta gama jami'a wata bakwai da suka wuce, tana jiran kiran aiki. Karatu bai taɓa ba ta tsoro ba. Abin da ba ta iyawa shi ne ta tsaya a gaban baƙo ta buɗe baki. Ko a shago aka ba ta abin da ba ta nema ba, sai ta karɓa ta yi godiya.

Baba bai ce a'a ba. Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli.

Da yamma amininsa ya zo, wani tsohon direban tanka da ake kira Kawu Birki, mutum mai murya kamar hon. Auta ta kawo musu ruwa, ta ji yana cewa, “Ina da mutum a ƙofar ofishin. Ka ba shi tsohon katin da ɗan abin hasafi, ko ƙafarka ba za ka taka ciki ba. Ba gwaji, ba komai.”

“Yaran mutane nake ɗauka,” in ji Baba a hankali. “In na cancanta su ba ni. In ban cancanta ba, gara in zauna a gida.”

“Ka zauna a gida ka ci me? Taurin kan naka?”

Baba ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Auta ta koma ɗaki da tiren a hannu, maganar Baba tana yi mata yawo a kai. In ban cancanta ba. Me zai hana Sannu-Sannu cancanta?

Ranar Litinin ta fita da tsohon lasisin a jaka, da wata takarda da ta rubuta tambayoyi uku a kai, don kada bakinta ya ci amanarta: me ake kawowa, nawa ne, kwana nawa yake ɗauka.

Tun daga bakin ƙofar ofishin wasu maza suka yo kanta. “Lasisi ne? Kawo nan, yau-yau!” “Ƙanwata, kada ki sha wahalar layi!” Ta rungume jakarta ta sunkuyar da kai ta wuce. Ciki wani dogon zaure ne mai bencina jere, da fanka uku a sama, biyu suna juyi, ɗaya ta yi ritaya. A bango an manna sanarwa a kan sanarwa har ba a gane wadda ke aiki. Tagogi biyar ne. A kan ta ƙarshe an rubuta: Tambaya.

Mutum goma sha ɗaya ne a gabanta, don haka ta samu lokacin kallo. Matar da ke bayan tagar za ta kai shekara hamsin da 'yan kai, gajeriya, mai faffaɗar fuska, da jan biro ɗaure da zare a wuyanta. Wani mai babur da ke kusa da Auta ya ce wa na gefensa, “Allah Ya sa Mai Jan Biro ce yau. In ita ta rubuta maka, ba ka dawowa sau biyu.”

Auta ta lura matar ba ta amsa wa kowa da baki kawai. Sai ta yagi 'yar takarda, ta rubuta, ta juyo da ita ta karanta wa mutum yana bi da ido. Ta lura da wani abu kuma: kafin matar ta dubi takardun mutum, fuskarsa take fara duba, ta ɗan ƙanƙance ido, kamar mai neman wani abu a tsakiyar fuskar. Wani dattijo ya zo, ta dube shi haka, ta ce masa wata magana ƙasa-ƙasa. Dattijon ya dafa aljihun rigarsa, ya yi murmushin wanda aka kama.

Da layi ya zo kanta, Auta ta yi gaisuwa da muryar da ita kanta ba ta ji ba.

“Ɗaga murya, 'yata, fankar nan ta fi ki magana.”

“Sabunta lasisi nake tambaya, Hajiya.”

“Naki?”

“Na babana.”

“Mu ga katin. Ba na amsa tambaya a iska, kowane rukuni da sharaɗinsa.”

Ta karɓa, ta juya gaba da baya, ta sa farce a ƙarƙashin ranar ƙarewa. “Rukunin masu ɗaukar fasinja. Saura kwana ashirin da biyu. Kun so ku makara, amma ba ku makara ba. Me ya hana shi zuwa da kansa?”

“Yana wurin aiki. Bas ɗin makaranta yake ja.”

“To. Duba nan.” Ta yagi takarda, jan biron ya fara tafiya. “Fom, ga shi, kyauta ne, duk wanda ya ce ki saya ki ce ya zo ya same ni. Tsohon lasisi da kwafinsa. Katin shaida da kwafinsa. Takardar likita daga asibitin gwamnati, saboda rukuninsa: za su duba ido, su auna hawan jini. Sai rasidin biya.”

“Nawa ne, Hajiya?”

“Na shekara uku dubu goma sha biyar, na shekara biyar dubu ashirin da ɗaya. A banki ake biya, da lambar nan da ke saman fom. Ba a miƙa wa kowa kuɗi a ginin nan, har ni. Kuma ban da gaggawar biya. Likita tukuna, banki daga baya, don in an biya ba a mayarwa.”

Auta ta duba takardarta. “Kwana nawa yake ɗauka?”

“Katin kansa mako shida zuwa takwas.”

Auta ta dafe bakin tagar. Mako shida ya wuce kwana ashirin da biyu nesa ba kusa ba.

“Tsaya, ban gama ba, kada ki sume mini a taga. Ranar da ya kawo takardu a taga ta biyu, za a ba shi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa, yawanci cikin mako guda. Wannan dole shi da kansa. A ranar ne jami'inmu zai sake gwada masa ido, ya karanta allo. In ya wuce, a ranar zai tafi da takardar wucin gadi, tana aiki kwana sittin, daidai take da lasisi. Ita zai kai wa makarantar. In katin ya yi jinkiri, a dawo a ƙara mata wa'adi.”

Ta rubuta ranakun a gefe, tana lissafi daga ranar ƙarewa zuwa baya, ta ja layi biyu a ƙarƙashin wata Juma'a. “Kada takardunsa su wuce ranar nan ba su shigo ba.”

Auta ta miƙa hannu za ta karɓa, amma matar ba ta saki takardar ba. Tana kallon hoton Baba a jikin katin.

“Yana sa tabarau?”

“A'a.”

“Kin tabbata? Shekarunsa sittin da ɗaya.”

“Ban taɓa ganinsa da shi ba, Hajiya.”

“Ba ganinsa da shi na tambaye ki ba. Ni hanci nake kallo.” Ta taɓa karan hancinta da gindin biro, dama da hagu. “Nan da nan. Tabarau yana barin sawu, kamar takalmi a rairayi. Direbobin nan, musamman manya, sun ɗauka duk mai tabarau an gama da shi. Wani ya faɗa wa wani, wani ya ƙara gishiri. Sai mutum ya zo ƙofa ya cire ya tura aljihu, ya shiga ya kasa karanta allo, ya fita yana cewa gwamnati ta zalunce shi. Shekara tara ina tagar nan, ba makon da ba na kama biyu ko uku. Shi ya sa nake duba hancin kowa kafin ya wuce ciki.”

Nan take Auta ta tuna. Ta ga Baba yana shigowa gida da la'asar, yana wanke fuska a bakin famfo. Ta ga 'yan jajayen tabo biyu a karan hancinsa, da yake murzawa da yatsa, waɗanda suke ɓacewa kafin magariba. Ta daɗe tana ganinsu. Ta ɗauka gajiya ce. Ta tuna kuma ranar Asabar da Lahadi ba ya da su.

“Akwai,” ta ce. “Akwai sawun.”

Bayanta wani ya yi tsaki. “Haba, a yi a ba mu wuri mana!”

“Malam, in naka ya zo haka zan tsaya maka,” in ji Mai Jan Biro ba tare da ta ɗago ba. Ta ci gaba da Auta. “Ki faɗa masa da tabarau ake gwajin. Doka ba ta nemi ido na ɗan shekara ashirin ba, ta nemi ya ga hanya. In da gilashi yake gani, za a rubuta a jikin lasisin cewa sai da gilashi zai yi tuƙi, shi ke nan. Amma ban yi miki alkawarin zai wuce ba. Allon ne zai faɗa. In tabaran ya tsufa, ya fara zuwa wurin mai duba ido gobe-goben nan, don sabo yana cin kwanaki.”

A ƙasan takardar ta ƙara layi ɗaya da manyan baƙaƙe: A ZO DA TABARAU. A SA SHI. Ta buga hatimi a kai.

“Hatimin ba dole ba ne,” ta ce tana miƙo mata. “Amma tsofaffi ba sa yarda da maganar 'ya'yansu sai da hatimi.”

Auta ba ta wuce gida ba. Ta tsaya a bakin titin da bas ɗin ke bi in an tashi makaranta, a inuwar wani shagon ɗinki. Ƙarfe biyu da kwata sai ga shi ya ɓullo, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bayan sitiyari ga Baba, zaune tsaf, da tabarau mai baƙin firam a fuskarsa. Ya yi masa kyau. Bai gan ta ba, hanya yake kallo.

Da ya dawo gida ta bari ya ci abinci tukuna. Sannan ta durƙusa kusa da kujerarsa ta miƙa masa takardar. Ya karanta daga sama, yana gyaɗa kai a kan kowane layi. Da ya kai na ƙarshe kansa ya tsaya.

“Wa ya ce mata ina da tabarau?”

“Hancinka, Baba.”

Ya kai hannu ya shafa wurin. Umma ta leƙo daga kicin. “Wane tabarau?”

Baba ya ajiye takardar a cinya. Shekara biyu ke nan, in ji shi, ya lura lambobin motocin gabansa suna haɗewa. Washegari ya je aka auna shi aka yanka masa gilashi. Tun ranar bai taɓa hawa babban titi da bas babu shi ba. Amma in ya kusa ƙofar makaranta sai ya tsaya ya cire, ya shiga da motar a hankali, in zai fita ya sake sawa a kwanar titi ta farko. A cikin akwatin gaban mota tabaran yake kwana. Kawu Birki ne ya ba shi labarin wani direba da aka sauke daga rukunin manyan motoci saboda tabarau, kuma kowa a tasha ya san labarin.

“Na ce in na shiga da shi su ƙwace lasisin. In na shiga ba shi, na faɗi. Ta ƙofar baya kuwa ba zan bi ba. To ina zan sa kaina?”

“Shekara biyu!” Umma ta tafa hannu. “Shekara biyu kana ɓoye mini gilashi kamar kayan sata? Ni da nake zura maka zare a allura?”

“Wannan na nesa ne.”

“Na nesa ne. To ni ta kusa ce, ka gan ni da kyau, gobe za ka tafi.”

Baba ya sake duba takardar, ya shafa hatimin da babban yatsa. “Ita da kanta ta buga?”

“A gabana.”

Washegari bayan ya sauke yaran safe, Auta ta raka shi wurin mai duba ido. Nan aka ga amfanin maganar matar. Tsohon tabaran ya gaza: idon dama ya karanta har ƙasa, na hagu ya tsaya layi biyu kafin inda ake so. Mai duba idon ya yi ta sauya gilasai a wani firam mai nauyi yana tambaya, wannan ko wancan, har Baba ya ce, “Tsaya nan. Kai, ashe akwai rubutu a ƙasan can!” Sabon zai ɗauki kwana shida.

Kwana shidan suka zama bakwai. A na takwas suka je asibitin gwamnati, suka yini a benci, likita ta auna jini ta ce ya ɗan hau amma bai kai na damuwa ba, ta sa shi ya karanta allo da sabon gilashin, ta sa hannu. Sai banki. Baba ya tsaya a kan na shekara uku, Umma ta ce na biyar, aka yi na biyar. Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin Juma'ar da aka ja wa layi biyu, takardun suka shiga taga ta biyu. Aka ba shi ranar hoto: Alhamis mai zuwa, saura kwana biyar lasisin ya mutu.

A ranar Baba ya sa farar rigarsa ta aiki, Umma ta goge ta har ta yi kaifi. Suna isa ƙofar ofishin Auta ta ga hannunsa ya tashi da kansa zuwa fuska, ya zare tabaran, ya nufi aljihu. Ɗabi'ar shekara biyu ce, bai ma san ya yi ba.

“Baba,” ta ce. Muryar ta fito da ƙarfi har masu tallar yau-yau suka juyo. “Mayar da shi.”

Ya dube ta da mamaki, ya dubi hannunsa, ya mayar.

Mai Jan Biro tana tagarta, layi a gabanta. Ta ɗago, ta ga Auta, ta ga dattijon da ke gefenta, ta dubi tsakiyar fuskarsa. Ta ɗaga biron sama kaɗan, ta koma kan mai tambayarta.

Ba a bar Auta ta shiga ɗakin gwajin ba. Ta zauna a bencin da ke daf da ƙofar, ta kasa kunne. Ta ji jami'in ya ce, “Rufe na dama, Baba. Layi na shida.” Ta fara murza gefen jakarta. Sannan muryar Baba ta fito, baƙi ɗaya, hutu, baƙi ɗaya, hutu, kamar yadda yake tuƙi.

“Baba, ba a hana sauri ba a nan,” in ji jami'in.

“Ban saba ba.”

Bayan rabin sa'a ya fito da takardar wucin gadi riƙe da hannu biyu. Ga hotonsa, ga kwana sittin, ga wani ɗan layi a ƙasa da ke cewa mai wannan lasisi zai yi tuƙi da gilashin ido. Ya karanta layin sau biyu. Sannan ya je ya bi layin tagar tambaya, bayan mutum bakwai, ba shi da tambaya ko ɗaya. Da ya iso ya cire hula.

“Hajiya, na zo godiya.”

“Allon ka yi wa godiya, Malam, kai ka karanta. Bayan mako shida ka leƙo taga ta uku da takardar nan. In ka koma tasha kuma ka faɗa wa 'yan'uwanka su daina cika aljihu da gilashi, na gaji da leƙen hancin mutane. Na gaba!”

Da safen Juma'a Auta ta bi bas ɗin, don Baba ya ce ita za ta riƙe takardar kada ta yamutse. Da suka zo kwanar ƙarshe ya rage gudu kamar kullum, hannunsa ya motsa a kan sitiyari, ya koma. Ya shiga ƙofar makarantar da tabarau a fuska.

Shugabar makarantar tana tsaye a bakin ofishinta. Ta karɓi takardar, ta duba ranaku, ta ce a yi mata kwafi a aika wa inshora.

“Ranki ya daɗe,” in ji Baba, yana gyara tsayuwa, “akwai abin da ban sanar da ke ba. Ina sa gilashi.”

“Sannu-Sannu, yara talatin kake ɗauka kullum. A zanen da suka yi maka bara, wanda ke manne a ɗakin malamai, duk da tabarau suka zana ka. Baƙin firam ɗin ya fi maka kyau, amma wannan ma ba laifi.”

Ta miƙa masa jadawalin zango mai zuwa, da sunansa a layin farko. Baba ya ɗaga gilashin zuwa goshi don ya karanta na kusa, sawun nan biyu suka bayyana a hancinsa, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba.